Ƙanwar Aboki: Yadda Wani Gajeren Labari Ya Yi Wata Shida Kafin Ya Tsaya Da Ƙafarsa

Asalin lamarin

Marubucin matashi ne ɗan shekara 26, malami a wata firamare mai zaman kanta a Kano, kuma yana cikin wani ƙaramin zauren marubuta da ke haɗuwa ranar Lahadin farko ta kowane wata don karanta rubutun juna. Da wayarsa yake rubutu, yawanci bayan isha'i. Kafin wannan lokaci ya rubuta waƙoƙi da 'yan gutsattsarin labarai, amma bai taɓa kammala gajeren labari ba.

A watan Janairun 2024 ya kawo wa zauren labarin da yake so ya tura wata gasa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla, saboda haka ba ita ba ce, amma wadda ya nufa ma ta ƙayyade tsawon labari kusan haka: kada ya wuce kalma 1,500.

Labarin bai da sarƙaƙiya. Wasu samari biyu ne abokai tun suna makarantar allo a Gwammaja. Ɗaya tela ne mai ɗan shago a bakin layi, ɗayan yana sayar da kayan waya a kasuwar Farm Centre. Telan ya kamu da son ƙanwar abokin nasa, autar gidansu, kuma ya kasa faɗa masa. Labarin gaba ɗaya tafiya ce zuwa daren da zai buɗe baki. Marubucin ya ce ba labarin kansa ba ne, kuma ba wanda ya matsa masa a kan haka.

Janairu: rubutu na farko

Rubutun farko ya kai kalma 2,900, kusan ninki biyu na abin da ake buƙata. Ya buɗe da telan kwance a kan katifa cikin dare barci ya ƙaurace masa. Daga nan aka shiga siffanta yarinyar: fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, mai wushirya, muryarta kaza, tafiyarta kaza. Wannan ya ci kusan kalma 600. Sai zancen zuci, wanda ya ci abin da ya fi kalma dubu, yana faɗa wa kansa zai faɗa, yana warwarewa, yana sake ƙullawa. Abokin bai bayyana ba sai a kashi na ƙarshe. Da ya bayyana, telan ya kama hannunsa ya yi masa dogon jawabi da ya fara da "Ya kai aminina, rabin raina", abokin ya rungume shi ya ce dama abin da yake fata ke nan, aka yi hawaye, labari ya ƙare.

Mutum takwas ne suka saurari karatun. Ba wanda ya kushe Hausarsa, don tana da kyau. Tambayar da ta fito daga bakin mutum uku ita ce: tsoron me yake yi? Wani ya ce in har abokin mai sauƙin kai ne haka, ai tun shafin farko ya kamata a gama magana. Wata marubuciya, wadda ta girme wa kowa a zauren kuma ta buga littattafai tun zamanin da ake kai su shagunan haya, ta ce siffanta kyau da rashin barci gado ne daga littattafan soyayya na adabin kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980. A can akwai fili, littafi yana iya kaiwa kashi uku ko huɗu. A kalma 1,500 babu wannan filin. Ta ƙara da cewa tunda take ba ta taɓa jin saurayin Kano ya kira abokinsa rabin ransa ba, sai dai in zolaya ce.

Shawarar da aka ba shi ranar ita ce ya rage tsawo, kuma ya sa wani abu ya faru.

Fabrairu: rubutu na biyu

Ya ɗauki shawarar a zahirinta. Ya yanke siffanta kyau zuwa layi biyar, ya rage zancen zuci, sannan ya cika gurbin da aukuwa. A wannan zubin telan ya rubuta wa abokin saƙo a waya, ya goge, ya sake rubutawa, daga ƙarshe ya tura bisa kuskure. Abokin ya karanta, ya fusata, ya zo shago suka yi cacar baki har aka taru. A hanyarsa ta komawa babur mai ƙafa uku ya buge shi, aka kai shi asibiti, aka nemi jini, na telan ne ya dace. Da ya farfaɗo ya ce ya ba shi ƙanwar. Tsawon ya sauko zuwa kalma 1,900.

An fi jin daɗin sauraren wannan, har an yi dariya a wurin cacar bakin. Amma da aka zo sharhi, abin da aka tsaya a kai ya fi na baya nauyi. Saƙon da ya tafi bisa kuskure ya ɗauke wa telan aikin da labarin ya ɗora masa, domin bai yi ta maza ya faɗa ba, yatsa ne ya kuɓuce. Haɗarin da jinin kuma sun mayar da amincewar abokin biyan bashi. Wani ya tambaya: da jinin bai dace ba fa? Sannan fushin abokin ya zo babu dalili, kamar yadda murnarsa a rubutun farko ta zo babu dalili. Marubucin ya kare kansa da cewa ai kowa ya san abin kunya ne ka ce kana son ƙanwar abokinka. Aka ce masa kowa ya sani, amma ba a gani a cikin labarin ba.

Ya ce zai ajiye shi tukuna.

Maris zuwa Afrilu: ajiyewa da tambaye-tambaye

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, zauren bai zauna ba har bayan Sallah. A wannan tsakanin marubucin bai taɓa labarin ba, amma ya yi abu biyu da suka canja shi daga baya.

Na farko, ya riƙa zama a shagon wani tela maƙwabcinsu bayan asham, da niyyar ya ga yadda aikin yake, tunda ya lura telan labarinsa bai taɓa taka keke ko sau ɗaya ba a rubutu biyun da suka wuce. Ya ga yadda goman ƙarshe take a shagon ɗinki: turamen atamfa da shadda jibge a kusurwa kowanne da 'yar takardar suna maƙale da allura, alƙawarin da ba zai cika ba, yara 'yan aike suna leƙowa suna cewa wai an gama, dutsen guga na gawayi idan an ɗauke wuta, da abokai da ke zuwa taya hira har su ƙare da taya sa maɓalli zuwa sahur.

Na biyu, ya samu wani magidanci a unguwarsu wanda ya auri ƙanwar amininsa shekaru da dama da suka wuce, ya tambaye shi me ya fi ba shi wuya. Marubucin ya zaci zai ce tsoron a hana shi. Mutumin ya ce a'a, ya san da wuya su hana shi, don sun san asalinsa da halinsa fiye da kowane manemi. Abin da ya riƙe masa baki wata da watanni shi ne gidan kansa. Shi ɗan gida ne a wurin. Sallama kawai yake yi ya wuce har tsakar gida, ya zauna a tabarmar mahaifiyar abokin, ta zuba musu tuwo a kwano ɗaya, ta aike shi kasuwa, ta yi masa faɗa in ya yi laifi. Ranar da ya furta, wannan duk ya ƙare, ko an ba shi ko an hana shi. In an hana shi, da wace fuskar zai sake shiga? In an ba shi, ya zama suruki: tsayuwarsa ƙofar gida ko zaure, gaisuwa a durƙushe, ba cin abinci a gabanta, ba doguwar hira. Ya ce har yau bai sake cin tuwo a tsakar gidan nan ba.

Sai kuma tambayar da ya san abokin zai yi, ko da a zuci: tun yaushe? Domin daga ranar da aka ji, duk shigar da ya taɓa yi gidan sai an sake auna ta. Zuwan da ya yi ran kaza, don ni ya zo ko don ita? Gidan da aka sake maka ƙofa saboda an ɗauke ka ɗa, ka ce kana kallon 'yar gidan, akwai masu kiran wannan cin amana ko da ba ka taɓa ce mata uffan ba.

Magidancin ya kuma faɗa masa abin da ya tilasta shi magana a ƙarshe: ya ji an ce wani zai turo magabatansa. Marubucin ya bi wannan zaren wurin wani malaminsu na Islamiyya, wanda ya tuna masa hadisin da ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa. Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, ya kuma bayyana cewa hanin yana kan lokacin da aka riga aka karkata ga manemin farko aka daidaita kan sadaki, ba daga fara zuwa zance ba. Risala ma haka ta kawo. Ke nan telan yana da ɗan lokaci ƙayyadadde: kafin iyaye su amsa wa wancan, maganarsa halas ce, bayan nan kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Mayu: rubutu na uku

An yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. A zaman watan Mayu ya dawo da sabon zubi mai kalma 1,650. Haɗari da asibiti da saƙon waya duk sun fita. Labarin yanzu dare ɗaya ne, daren 27 ga azumi, a cikin shago. Abokin ya zo taya guga. Cikin hira ya ambaci cewa wani ɗan kasuwar Kantin Kwari zai turo manyansa bayan Sallah a kan Auta.

Wannan karon ba wanda ya tambayi tsoron me yake yi. Matsalolin da aka gani guda biyu ne, kuma na biyun ya fi cin lokaci.

Na farko, abin da magidancin ya faɗa masa ya shiga labarin kusan yadda ya ji shi, a matsayin bayani. Akwai sakin layi uku a jere da mai ba da labari ya tsaya yana koya wa mai karatu matsayin ɗan gida da na suruki a al'adar Bahaushe, har da hukuncin nema cikin nema. Aka ce masa masu karatun nan Hausawa ne, sun san zaure sun san tsakar gida, abin da suke buƙata shi ne su ga wannan saurayin a wannan tsakar gidan.

Na biyu daga wata ɗaliba ya fito, wadda ba ta cika magana a zauren ba. Ta ce ta saurari labarin sau uku ke nan, har yanzu ba ta san ko yarinyar ta ma san ana yi ba. Maza biyu suna zaune suna shawarar wa za a ba, ita kuwa ko tari ba ta yi ba. Aka daɗe a kan wannan, domin gyaran ba shi da sauƙi. In aka nuna telan ya riga ya yi mata magana a ɓoye, zargin cin amana ya tabbata, kuma zuwansa wurin abokin ya zama sanarwa kawai. In kuwa bai yi ba kuma ba a nuna komai daga ɓangarenta ba, ta zama kaya. Wani ya ba da shawarar a ba ta fitowa guda ita kaɗai tana tunaninsa, marubucin ya ƙi, ya ce labarin daga idon telan yake tafiya, ba ya so ya fita daga shagon. An tashi ba a cimma matsaya ba.

Yuni: rubutu na huɗu

Bayan Babbar Sallah, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni, ya turo wa 'yan zauren zubi na huɗu, kalma 1,430.

Sakin layi ukun nan na bayani sun koma abu ɗaya: abokin ya shigo shagon da kwanon sahur a ɗaure cikin ɗankwali, ya ce Umma ta ce a kawo wa ɗanta, wai kwana biyu ba ta ga ƙeyarsa ba, ko an yi masa laifi ne. Telan ya buɗe kwanon ya ga ta sa masa ƙanzo a gefe, don ta san yana so. Ya rufe bai ci ba. Hukuncin nema cikin nema ya koma rabin jimla a bakin abokin: "In Baba ya amsa musu ai shi ke nan."

Maganar yarinyar kuwa ya warware ta da ɗan abu kaɗan. Tun tana ƙarama ita take kawo ɗinkinta shagon da kanta, ta zauna a benci tana ce masa Yaya, tana tsiwa a kan ya ɓata mata wuyan riga. Bana sai ta aiko yaro da turmin atamfar, da tsohuwar rigarta a matsayin awo. Abokin ne ya ambaci wannan, da sigar mita, cewa yarinyar nan ta fara wani sabon salo, ko sunan shagon aka kira sai ta tashi ta shige ɗaki. Telan bai ce komai ba, mai ba da labari ma bai fassara ba.

Ga yadda wurin furucin ya koma:

Wuta ta ɗauke, keken ya tsaya a tsakiyar kalmasa. Ya kunna fitilar waya ya jingina ta da gwangwanin maɓallai.

"Mutumina."

"Na'am."

"Mutanen Kwarin nan, an ba su rana ne?"

"Sai bayan Sallah da sati. Me ya faru?"

Ya ɗauki almakashi ya ajiye. "Da ma cewa zan yi, ko za ka ce wa Baba ya ɗan dakata."

Abokin ya ci gaba da hura gawayin dutsen guga. Sai da ya hura sau biyu sannan ya ɗago. "Ya dakata wa wa?"

"Ka gane mana."

"Ban gane ba. Faɗa."

"Ni ne. Auta nake so."

Daga nan labarin bai wuce kalma 150 ba. Abokin ya goge hannun riga ɗaya har ƙarshe kafin ya yi tambayar: "Tun yaushe?" Telan ya ce tun bara, kuma wallahi bai taɓa ce mata komai ba. Abokin ya ce ya sani, da ya ce da ta faɗa wa Umma. Ya ce zai yi wa Baba magana, amma ba shi zai amsa ba, sai an ji ta bakinta. Da zai tafi ya ɗauki kwanon, ya ji shi da nauyi, ya dire masa a kan keken ya ce, "Ci. Daga yau ai sai dai a aiko maka."

Abin da ya biyo baya

An karanta wannan zubin a zaman watan Yuli. Biyar daga cikin bakwai da suka halarta sun ce labarin ya kammala. Biyu sun so a nuna ko an yi auren, ɗayansu ya ce mai karatun Hausa ba ya son a bar shi a rataye. Marubucin bai ƙara komai ba. Ya gyara wasu kurakuran rubutu, musamman rabawa da haɗa kalmomi da ƙugiyoyin da wayarsa ke zubarwa, ya tura gasar. Labarin bai shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba, kuma ba a aiko masa da dalili ba. Daga baya ya fito a wani ɗan ƙaramin kundin gajerun labarai da 'yan zauren suka haɗa kuɗi suka buga.

Hukunci

A ganina rubutu biyun farko cuta ɗaya ke damun su, duk da ba su yi kama ba. Marubucin ya ɗauka abin da telan ke tsoro shi ne amsar abokin, don haka ya yi ta juya amsar, sau ɗaya murna, sau ɗaya fushi, kuma ko wacce ta fito babu tushe. Abin da ya samo a bakin magidancin nan shi ne cewa asarar tana nan ko da an ce to. Da ya gane haka sai abokin ya samu damar zama mutum mai hankali, ba sai ya yi kuka ko ya yi faɗa ba, kuma ƙarfin halin telan ya zama abin da za a iya aunawa, tunda mai karatu ya ga kwanon da ƙanzon ya san me ake shirin rabuwa da shi. Shawarar da zauren ya bayar a Janairu, ta a sa wani abu ya faru, ita ta haifi rubutu na biyu, kuma ta ɓata masa wata guda. Tambayar da aka yi a ranar ce mai amfani, amma ba a tsaya a kanta ba.

A wurin furucin, abin da na fi yabawa shi ne "Ban gane ba. Faɗa." Bahaushe yana son zagaye a irin wannan magana, kuma da marubucin ya bar abokin ya karɓi "ka gane mana", da ba wanda zai ce ya saɓa wa al'ada. Amma da telan ya sake tsira ba tare da ya furta ba, kamar yadda saƙon waya ya tserar da shi a Fabrairu. Abokin ya gane sarai, jinkirin hura gawayin ya nuna haka. Ya dai ƙi ɗauke masa nauyin ne, kuma wannan ya dace da wan yarinya da ke son ya ji ko mai neman ƙanwarsa zai iya buɗe baki.

Ban yarda da masu son a nuna biki ba, domin labarin na abokai biyu ne, kuma abin da ke tsakaninsu ya riga ya sauya a daren. Amma ƙorafin ɗalibar nan bai gama warwaruwa ba. Kunyar da Auta ta fara tana iya nufin so, tana kuma iya nufin ta lura da kallonsa ne abin bai yi mata daɗi ba, kuma labarin ya karkata mai karatu zuwa fassarar farko ba tare da ya biya kuɗinta ba. "Sai an ji ta bakinta" ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. Haka kuma ɗan kasuwar Kwarin bai wuce agogo ba a cikin labarin, an kawo shi ne don ya ƙayyade lokaci, ba mu san ko yarinyar tana sauraren zancensa ba. Marubucin yana da ragowar kalma saba'in kafin ya kai iyakar gasar, kuma a nan ya kamata ya kashe su.